Yadda malami zai gano albashinsa na wata daga lebul da sitef

Wata Asabar ƙanwata ta zo gidana a Agege da takardu biyu a jaka, ranta a ɓace. Malamar makarantar gwamnati ce a nan Legas, an yi mata ƙarin girma daga lebul 8 zuwa lebul 9, ta yi wata da watanni tana jiran ranar da kuɗin zai fara shiga, da ya shiga kuwa sai ta ga bai kai rabin abin da ta sa rai ba. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Yaya, duba min. Wallahi an ci min kuɗi." Na ce ta kawo takardun, na ɗauko biro da kalkuleta. Cikin minti ashirin muka gano babu wanda ya taɓa mata ko sisi, ita ce ta karanta jadawalin albashi a inda ba nan ne gurbinta ba.

Tun daga ranar nake son rubuta wannan bayani, domin kuskuren da ta yi shi ne wanda malamai da yawa ke yi. Albashin ma'aikacin gwamnati yana zaune a cikin gida ɗaya na wani jadawali, inda layin lebul ɗinka ya haɗu da layin sitef ɗinka. Duk aikin shi ne ka gano wane jadawali ne naka, ka gano gidan, sannan ka san yadda za ka sauko daga lambar da ke cikinsa zuwa abin da ke shiga asusunka a ƙarshen wata.

Mataki na farko: wa ke biyanka?

A Legas wannan tambaya tana da nauyi, saboda malamai uku na iya hawa motar haya ɗaya da safe, kowa da lebul 8, amma jadawalin da ake biyansu da shi ba ɗaya ba ne. Malamin da ke koyarwa a makarantun gwamnatin tarayya, irin su King's College ko Queen's College da ke Yaba ko kwalejin tarayya ta Ijanikin, ma'aikacin tarayya ne. Jadawalinsa shi ne CONPSS, wanda hukumar kula da albashi ta ƙasa ke fitarwa, kuma albashinsa ta IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, yake biyowa. Malamin sakandaren jiha yana ƙarƙashin TESCOM, hukumar kula da aikin malamai, da gundumomin ilimi shida na jihar. Malamin firamare kuma yana ƙarƙashin LASUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jihar, da ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsa. Waɗannan biyun na ƙarshe da jadawalin da gwamnatin jiha ta amince da shi ake biyansu, ba da na Abuja ba. Malamin makarantar kuɗi kuwa, ko na Islamiyyar unguwa, wannan lissafi bai shafe shi ba, sai dai idan mai makarantar ne ya ga dama ya ari tsarin.

Bayan ka san mai biyanka, ka tabbata jadawalin da ke hannunka shi ne na yanzu. A nan mutane ke faɗawa rami, domin hotunan tsofaffin jadawalai suna ta yawo a wayoyi babu kwanan wata a jikinsu. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya zama naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024, Legas kuma ta sanar da nata 85,000 a watan Oktoban 2024. Duk lokacin da aka yi irin wannan ƙari sai an sake jadawalin gaba ɗaya, kuma ba a ƙara wa kowane lebul kaso ɗaya. A gyaran 2019 na tarayya, lebul 8 ya samu ƙarin kashi 20 cikin ɗari, lebul 9 ya samu 19, manya na lebul 15 zuwa 17 suka samu 14. Saboda haka ba za ka ɗauki tsohon jadawali ka ninka shi da wata lamba ka ce ka samu sabo ba. Ka nemi kwafin da ke haɗe da takardar sanarwarsa, wadda ke ɗauke da ranar da ya fara aiki. Sashen albashi na ofishinku yana da shi, wakilin ƙungiyar malamai ta NUT na yankinku ma yakan ajiye.

Mataki na biyu: fahimtar yadda aka gina jadawalin

Idan ka shimfiɗa takardar a gabanka, za ka ga lambobi sun sauko ta gefen hagu daga 01 zuwa 17. Waɗannan su ne lebul, kuma a takardu ana rubuta su da GL a gaba. Ta sama kuma wasu lambobi sun miƙe daga hagu zuwa dama, 1, 2, 3 har gaba, su ne sitef. Lebul yana nuna girman muƙami, kuma ba ya motsi sai an yi maka ƙarin girma. Sitef yana nuna daɗewarka a cikin wannan lebul ɗin, yana hawa ɗaya a kowace shekara.

A jadawalin tarayya lebul 1 zuwa 10 suna da sitef 15, lebul 12 zuwa 14 suna da 11, lebul 15 zuwa 17 kuma suna da 9. Idan ka lura na tsallake 11, ba mantuwa na yi ba: daga lebul 10 ma'aikaci 12 yake wucewa. Wanda yake riƙe da jadawalin jiha sai ya ƙirga gidajen layinsa da kansa ya ga inda suka tsaya. Mai shaidar NCE yawanci da lebul 7 yake shiga aiki, mai digiri kuma da lebul 8. Sitef ɗin da ka fara da shi kuwa kada ka yi masa hasashe, yana rubuce a takardar ɗaukar aikinka. Ba kowa ke farawa daga sitef 1 ba, ƙanwata ma da sitef 2 ta fara.

Abu biyu za ka duba kafin ka taɓa kalkuleta. Na ɗaya, lambobin na shekara ne ko na wata? Yawancin jadawalai na shekara ake bugawa, kuma akan rubuta hakan a saman takardar. Idan ka ga lebul 8 ya haura miliyan, ka san na shekara ne, sai an raba shi gida 12. Na biyu, dunƙulallen albashi ne a cikin gidan, ko tushen albashi ne kawai da za a ɗora wa alawus daga baya? A tsarin CONPSS an dunƙule tushen albashi da yawancin alawus wuri ɗaya. A wasu jadawalan kuwa za ka tarar kowane lebul yana da layuka da yawa, na tushen albashi daban, na gida daban, na sufuri daban, sannan jimla a ƙasa. Idan naka irin wannan ne, layin jimla shi ne abin da za ka yi aiki da shi a yanzu, amma ka sa wa layin tushen albashi alama, za mu dawo kansa.

Mataki na uku: ƙarin shekara da yadda ake lissafa shi

A cikin lebul ɗaya, tazarar da ke tsakanin sitef da sitef yawanci daidai take tun daga farko har ƙarshe. Wannan tazarar ita ce ƙarin shekara. Don ka same ta, cire lambar sitef 1 daga lambar sitef 2. Ka gwada da sitef 5 da 6 ma don ka tabbata tazarar ba ta canza ba. Idan ta zo daidai, za ka iya fitar da kowane sitef ko da hoton jadawalin da aka turo maka ya yanke a tsakiya:

```
albashin shekara = sitef 1 + (sitef ɗinka - 1) x ƙarin shekara
albashin wata = albashin shekara / 12
```

Ka lura da wannan ɗayan da ake cirewa. Wanda yake sitef 6 sau biyar aka yi ƙari a kan sitef 1, ba sau shida ba, kamar yadda mai hawa bene daga hawa na ɗaya zuwa na shida matakala biyar yake takawa. Mutane da yawa suna ninkawa da shida, sai su ga kamar an rage musu ƙarin shekara guda.

Bari mu yi aiki da lambobi. Waɗanda zan kawo na misali ne, na zaɓe su ne don su rabu ba tare da kwabo ba, kai kuma ka sa na jadawalinka a gurbinsu. Mu ce lebul 8 sitef 1 naira 1,560,000 ne a shekara, sitef 2 kuma 1,596,000. Tazarar ta zama 36,000 a shekara, wato 3,000 a wata. Mu ce lebul 9 sitef 1 naira 1,680,000 ne, ƙarinsa kuma 42,000 a shekara, wato 3,500 a wata.

Ƙanwata ta shiga aiki a lebul 8 sitef 2, ta samu ƙarin shekara sau huɗu kafin takardar ƙarin girma ta iso, saboda haka tana sitef 6. Sai mu ce 6 a cire 1 saura 5. Biyar sau 36,000 ya ba da 180,000. A ɗora a kan 1,560,000 ya zama 1,740,000 a shekara. A raba 12, ya ba da 145,000 a wata. Wannan shi ne cikakken albashinta kafin a cire komai, a watan ƙarshe da ta yi a lebul 8.

Wata ƙaramar magana a kan ƙirga shekaru. Sitef ba ranar da ka cika shekara da fara aiki yake hawa ba, yana da tsayayyar ranar da dokar aiki ta sa masa. Don haka kada ka ƙirga shekarun da ka yi, ka ƙirga sau nawa wannan ranar ta zagayo tun da aka ɗora ka a lebul ɗin da kake. Hanya mafi sauƙi ta gano ranar ita ce ka jera takardun biyan albashinka na wata goma sha biyu ko fiye, ka ga watan da lambar sitef ta canza.

Mataki na huɗu: inda ƙarin girma ke ajiye ka

A nan ne ƙanwata ta ɓata, kuma a nan nake so a tsaya a natsu.

Da ta ji an kai ta lebul 9, sai ta sa yatsa a kan sitef 6 na lebul 8 ta sauko da shi kai tsaye zuwa layin ƙasa, ta karanta lebul 9 sitef 6. Da lambobinmu wannan shi ne 1,680,000 a ƙara 42,000 sau biyar, ya zama 1,890,000 a shekara, wato 157,500 a wata. Ta riga ta sa a ranta ƙarin 12,500 na tafe, har ta yi maganar ƙara hannu a adashin da suke yi a makaranta.

Amma ma'aikaci ba ya tafiya da sitef ɗinsa zuwa sabon lebul. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a duba kuɗin da kake karɓa a tsohon lebul, sannan a nemi gidan da ya ɗara shi a sabon lebul, a ajiye ka a nan, don kada ƙarin girma ya zame maka ragi. Dalilin da ya sa ake buƙatar wannan ƙa'ida shi ne lebul-lebul suna hawa kan juna. Duba da kyau: lebul 8 sitef 5 naira 1,704,000 ne, ya riga ya wuce lebul 9 sitef 1 mai 1,680,000. Wanda ya daɗe har ya kai sitef 15 a lebul 8 yana karɓar 2,064,000, ya fi wanda ya yi shekaru a lebul 9. Shi ya sa za ka ga tsohuwar malama mai ƙaramin lebul tana ɗaukar abin da ya fi na matashin da ke gaba da ita a muƙami, kuma babu wani kuskure a ciki.

To, ita tana kan 1,740,000. Muka bi layin lebul 9 daga farko. Sitef 1 yana da 1,680,000, bai kai ba. Sitef 2 yana da 1,722,000, shi ma bai kai ba. Sitef 3 yana da 1,764,000, wannan ya ɗara. Nan ne gurbinta, lebul 9 sitef 3, wato 147,000 a wata. Ƙarin da ta samu nan take 2,000 ne kacal. Na ce ta buɗe takardar ƙarin girman ta karanta min layin da aka rubuta sabon matsayinta. Ta karanta, GL 09 sitef 3. Ashe tun farko yana nan a rubuce, murnar ganin lebul 9 ce ta hana idonta kaiwa ga lambar da ke biye.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Yaya, meye amfanin wahalar jarrabawar da muka sha, idan dubu biyu ne?" Na gane abin da ke ranta, domin dubu biyu ba ta kai mutum ko'ina a kuɗin motar Legas. Sai dai amfanin yana gaba. Daga yanzu ƙarin shekararta 3,500 ne a wata maimakon 3,000, rufin da za ta iya kaiwa ya ɗaga, kuma agogon ƙarin girma na gaba ya fara bugawa. A dokar aikin tarayya mafi ƙarancin zama a lebul 7 zuwa 14 shekara uku ne kafin a cancanci na gaba, a lebul 15 zuwa sama kuma shekara huɗu.

Wasu ma'aikatu suna da ɗan bambanci wajen wannan ajiyar, shi ya sa hujjar ƙarshe ita ce abin da takardarka ta faɗa. Lissafin da muka yi amfaninsa ka gane ko abin da aka rubuta yana kan hanya. Idan ka ga an ajiye ka a gidan da kuɗinsa bai kai abin da kake karɓa a da ba, wannan kam abin kai ƙorafi ne.

Akwai kuma ranaku biyu da takardar ƙarin girma kan ɗauka. Ɗaya ita ce ranar da girman ya fara ƙirguwa a fayil, ɗayar kuma ranar da kuɗin ya fara. Ta farko ita ake dubawa wajen sanin wa ya riga wa da kuma lokacin ƙarin girma na gaba. Ta biyu ita kaɗai ke haifar da ariyas. Wanda ya lissafa bashin da yake bi daga ranar farko zai yi ta jiran kuɗin da ba a taɓa yi masa alkawarinsa ba.

Mataki na biyar: daga jadawali zuwa abin da ke shiga asusu

Lambar da muka samu, 147,000, ba ita waya za ta nuna ba idan alat ya shigo. Akwai abin da ake ɗorawa, akwai abin da ake cirewa, kuma kada ka taɓa gwada alat da jadawali kai tsaye. Abin da za ka gwada da jadawali shi ne jimlar kuɗin shiga da ke takardar biyan albashi, kafin a fara cire-cire.

A ɓangaren ɗori, malamai suna da alawus na musamman da ya samo asali daga yarjejeniyar da ƙungiyar NUT ta yi da gwamnonin jihohi a 2008, mai kashi 27.5 cikin ɗari. Kowace jiha da yadda take aiwatar da shi, don haka ka duba ko yana da layinsa a takardarka. Idan yana nan, a kan tushen albashi ake lissafa shi, ba a kan jimla ba, shi ya sa na ce ka sa wa wancan layin alama. Duk wani alawus da ka gani, ka tambayi kanka: tsayayyen kuɗi ne da ba ya motsi, ko kaso ne na tushen albashi? Na biyun yana ƙaruwa duk lokacin da sitef ya hau, na farkon yana nan yadda yake. A misalinmu mu bar ɗori a gefe don lissafin ya tafi a miƙe.

A ɓangaren cirewa, babba shi ne fansho. Dokar fansho ta 2014 ta sa ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki ya ba da 10, kuma ana lissafawa ne a kan aƙalla tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri. Idan muka ɗauka duka 147,000 ɗin ne abin lissafi, kashi 8 ya zama 11,760 a wata, wato 141,120 a shekara. Idan abin da aka cire maka bai kai kashi 8 na jimla ba, kada ka ɗaga hankali, alama ce wasu alawus ba sa cikin abin da ake lissafawa.

Sai haraji. A sabuwar dokar da ta fara aiki a watan Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, 2,200,000 da ke biye kuma ana cire musu kashi 15. Ana fara cire kuɗin fansho tukuna. Wato 1,764,000 a cire 141,120, saura 1,622,880. A cire 800,000, saura 822,880. Kashi 15 na wannan shi ne 123,432 a shekara, a raba 12 ya zama 10,286 a wata. Dokar ta kuma ba mai zaman haya rangwamen kashi 20 na kuɗin hayarsa na shekara, iyakarsa 500,000, abin da ya shafi kusan kowane malami a garin nan. Mai biyan hayar 600,000 zai samu a rage masa 120,000 daga kuɗin da ake sa wa haraji, wanda ya sauke masa 1,500 a wata. Amma sai ya bayyana hayar tasa da shaida, ofis ba zai san nawa yake biyan mai gida ba idan bai faɗa ba.

Ba tare da rangwamen haya ba, 147,000 a cire 11,760 a cire 10,286 ya bar 124,954. Daga nan sai ƙananan abubuwa da suka bambanta daga mutum zuwa mutum: kuɗin ƙungiya, asusun gidaje, inshorar lafiya, da bashin ƙungiyar taimakon juna idan ka ci. Ƙanwata ta manta cewa a watan da aka fara biyanta sabon lebul, a watan ne kuma aka fara cire mata kuɗin buhun shinkafar da ta karɓa bashi. Shi ya haɗiye ɗan ƙarin har ya taɓa na da.

Idan sitef ya tsaya

Wannan shi ne abin da na fi so kowane malami ya riƙa dubawa sau ɗaya a shekara, domin asarar da ke cikinsa ba ta ihu. Ƙarin 3,500, bayan fansho da haraji sun ɗauki nasu, bai kai 3,000 ba a alat, kuma idan bai zo ba mutum ba zai ji a jikinsa ba. Amma yana taruwa. Mu ce malami yana lebul 9 sitef 3, ranar ƙari ta zo ba a motsa shi ba, wata shekarar ma haka. A shekarar farko an rage masa sitef ɗaya, 3,500 sau 12, ya zama 42,000. A ta biyu sitef biyu ne ke tsakaninsa da gurbinsa, 7,000 sau 12, ya zama 84,000. Jimla 126,000. A kan wannan kuma kashi 18 na fansho, nasa da na gwamnati, bai shiga asusunsa ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne idan ƙarin girma ya same shi a haka, da kuɗin sitef 3 za a nema masa gida a lebul 10, sai kuskuren ya bi shi zuwa sabon lebul.

Kafin ka ce an yi kuskure, ka kawar da dalilai biyu na halal. Na farko, ko ka kai ƙarshen layi? Wanda ya kai sitef na ƙarshe a lebul ɗinsa babu sauran ƙari sai an ɗaga shi. Na biyu, ko an dakatar maka da ƙarin a matsayin horo? Dokar aiki ta yarda da hakan, amma a rubuce ake sanar da mutum, ba a yin sa a ɓoye. Idan babu ɗaya daga cikin biyun, to abin gyara ne.

Yadda za ka bi shi: ka haɗa kwafin takardar ɗaukar aiki, takardar ƙarin girma ta ƙarshe, da takardun biyan albashi biyu, ɗaya ta kafin ranar ƙari ɗaya ta bayanta, waɗanda ke nuna sitef bai canza ba. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa ta hannun shugaban makarantarku zuwa ofishin da ke kula da ku, ka sa lambar aikinka, sitef ɗin da kake kai, wanda ya kamata ka kasance, ranar da ya kamata a motsa ka, da lissafin bambancin wata-wata kamar yadda muka yi a sama. Akanta ya fi saurin taɓa takardar da aka riga aka yi masa lissafinta a kan wadda ta ce kawai albashina bai cika ba. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka dawo da ita gida. Asalin takardunka kuwa kada su bar hannunka.

Kafin ƙanwata ta tafi na sa ta buɗe shafin ƙarshe na littafin da take rubuta darasi, ta ja layi huɗu: shekara, lebul da sitef, kuɗin jadawali a wata, da jimlar da takardar biya ta nuna. Ta cike layin bana da lebul 9 sitef 3 da 147,000. A layin baɗi ta rubuta sitef 4 da 150,500 da fensir, ta bar gidan ƙarshe babu komai har takardar watan ta fito.